Yadda ake rubuta takardar neman bidiyon gaskiya daga masu sayen kayanka

Mai ƙaramar masana'anta da ke son masu sayen kayansa su ɗauki bidiyo da wayoyinsu, yawanci yakan fara da aika saƙo mai layi ɗaya, cewa a yi masa ɗan bidiyo a yaba kayan. Abin da ke dawo masa iri biyu ne, kuma duka ba sa amfanuwa: ko dai bidiyon minti huɗu da aka ɗauka cikin duhun ɗaki ana ta gaisuwa, ko kuma wata mace riƙe da leda tana maimaita cewa kayan nan babu kamarsu a duk Nijar. Maganin wannan shi ne takardar bayani, wadda ba ta wuce shafi guda, da ke gaya wa mai ɗauka abin da ake so ya nuna, da tsawon bidiyon, da abin da za a biya shi, da inda za a saka hotonsa. Ƙa'idar da ke riƙe da takardar gaba ɗaya ita ce ka tsayar da komai dalla-dalla, amma ka bar wa mutum kalmominsa da hukuncinsa a kan kayan.

Zan bi matakan da misali guda, na wata baiwar Allah a Tawa da na taimaka wa da wannan aiki. Tana sayen albasar Galmi lokacin da take araha, ta shanya, ta niƙa, ta zuba garin a leda mai zif ta giram 250, tana sayarwa a Tawa da Yamai. Farashi da adadin da zan ambata nata ne, kowa sai ya daidaita da ƙarfin aljihunsa.

Mataki na farko: tsayar da tambayar da bidiyon zai amsa

Kafin a rubuta ko kalma ɗaya, sai a zauna a tuna abin da ke hana mutane saye. Ita wannan hajiyar, da na tambaye ta, ta ce kullum abu biyu ake tambayarta: shin garin yana ba miya ƙamshi kamar ɗanyar albasa, kuma leda ɗaya tana kai kwana nawa. Saboda haka manufar bidiyon ta zama a ga garin yana shiga tukunya a gidan mutane, a ji mai girki ta faɗi cokali nawa ta zuba da yadda miyar ta fito. Wannan manufa ita ce jimlar farko a takardar, kuma duk abin da bai yi mata hidima ba sai a cire shi. Idan aka haɗa manufa uku, wato a nuna girki, a ba da tarihin masana'anta, a kuma sanar da rangwamen Salla, mai ɗauka zai ruɗe ya yi kowanne rabi-rabi.

Mataki na biyu: zaɓen waɗanda za a tura wa

A zaɓi waɗanda suka taɓa sayen kayan da kuɗinsu aƙalla sau biyu, domin su ne ke da abin faɗa. A guji ƴan uwa na jini da ma'aikatan gidan, saboda a gari kamar Tawa ba a ɗaukar kwana biyu kafin wani ya gane cewa mai yabon ƙanwar mai kayan ce, daga nan kuma sauran bidiyon ma sun rasa daraja. Mu mun zaɓi mutum 12: matan gida takwas, masu tuwon sayarwa biyu, wani mai shayi da ke soya ƙwai, da wata ɗaliba a Yamai da ke girka wa kanta. A tura wa fiye da adadin da ake bukata, don ba kowa ne zai cika alkawari ba.

Mataki na uku: rubuta tambayoyi a maimakon jawabi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne akasarin masu kaya ke ɓata rawarsu da tsalle. Mai kaya yana tsoron abin da za a faɗa, sai ya rubuta jimlolin da yake so a karanta. Wanda aka ba rubutu ana gane shi nan take: idonsa na zamewa gefe yana neman takardar, muryarsa na komawa irin ta mai sanarwa a rediyo, kuma idan mutum biyar suka yi amfani da kalma ɗaya, misali «ingantacce», mai kallo ya san daga bakin mutum ɗaya ta fito. Abin da ya kamata a bayar shi ne tambayoyi uku ko huɗu da mutum zai amsa da bakinsa.

Su ma tambayoyin akwai yadda ake gina su. Tambayar da ke cewa «Me ya sa kike son wannan garin?» ta riga ta yanke hukunci cewa ana son sa, ba ta bar wa mai amsa ƙofar faɗin wani abu dabam ba. Tambayar da ake amsawa da i ko a'a kuwa ba ta haifar da magana. Wadda ke aiki ita ce mai neman abin da ya faru a zahiri: wane girki aka yi, mutum nawa suka ci, cokali nawa aka zuba, me aka lura da shi. Mutum ba ya iya ƙirƙirar irin wannan bayani cikin sauƙi, kuma shi ne ke gamsar da mai kallo, domin matar da ta ji an ce cokali biyu ya ishi miyar mutum takwas tana iya yin lissafin kanta.

Sai tambaya ta ƙarshe, wadda hajiyar ta yi ta jayayya da ni a kanta kafin ta yarda: me ba ki so ba, ko me kike so a gyara? A ganina takardar da ba ta da wannan tambaya ba ta neman gaskiya, talla kawai take nema. Mutanenmu suna da kunya da kara, kuma wanda aka ba kyauta ba zai kushe ta ba sai an ba shi izini ƙarara a rubuce. Saboda haka ba ya wadatarwa a ce «ku faɗi gaskiya», dole a ƙara da cewa kuɗin da za a biya ladan ɗaukar bidiyo ne, kuma za a biya shi cif ko da mai ɗauka ya ce kayan ba su yi masa ba. Idan ba a rubuta wannan jimla ba, kowa zai ɗauka cewa yabo ne ake saye.

A kuma ba da lokacin amfani da kayan kafin ɗauka. Mu mun ce kwana 10, domin a girki ɗaya ba a sanin ko gari yana dunƙulewa, ko zif ɗin ledar yana daina kamawa.

Mataki na huɗu: ƙa'idojin ɗauka, da harshen da kowa zai gane

Wannan sashe ya zama gajere, kuma kowace ƙa'ida a faɗe ta da abin da hannu zai yi. A riƙe waya a tsaye, kada a kwantar da ita, saboda TikTok da Reels da Status na WhatsApp duk tsarinsu na tsaye ne, wato 9:16, kuma bidiyon da aka ɗauka a kwance yakan fito ɗan ƙarami tsakanin baƙaƙen filaye biyu. Tsawo ya kasance daƙiƙa 30 zuwa 60. A goge gilashin kyamara da gefen zane kafin a fara, musamman lokacin hunturu da ƙura ke lulluɓe komai, domin yawancin bidiyon da ke fitowa kamar cikin hazo ba laifin waya ba ne.

Haske da sauti su ne ke kashe bidiyo fiye da komai. Ranar tsaka a Adar tana ƙone hoto, fuska ta yi baƙi, farar leda ta yi ƙyalli har rubutun da ke kanta ya ɓace. A rubuta cewa a ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, a inuwar rumfa ko bakin ƙofa, mai magana na fuskantar inda hasken ke fitowa, ba ya ba shi baya. Game da sauti kuwa, a kashe fanka da rediyo, a jira injin niƙan maƙwabta ya yi shiru, kuma kada tazarar baki da waya ta wuce tsawon hannu. Kukan akuya ko sallamar baƙo daga nesa ba sa ɓata komai, har ma suna nuna cewa gida ne na gaske.

A hana saka waƙa. Dalili shi ne waƙar tana da mai ita, kuma idan kamfani ya saka bidiyo mai waƙar wani a matsayin talla, dandalin na iya kashe sautin ko ya cire bidiyon, ga shi kuma ba a iya raba waƙar da muryar mai magana bayan an haɗa su. Haka nan a hana filta, wato abin da ke canza launin fata da na abinci, tunda launin miyar na cikin abin da ake son a gani.

Akwai wani abu da duk wanda bai san gidajenmu ba zai manta: mata da yawa ba za su nuna fuskarsu ba, wasu kuma sai sun shawarci mai gida. Takardar ta faɗa tun farko cewa nuna fuska ba dole ba ne, hannu da tukunya da murya sun wadatar. Cikin bidiyon da muka samu, wanda ya fi jan hankali ba a ga fuskar kowa a cikinsa ba.

Mataki na biyar: abin da ba za a faɗa ba

Barin mutum da kalmominsa yana da iyaka guda biyu, kuma a rubuta su a fili. Ta farko, kada a ce kayan suna maganin wata cuta. Mai ɗauka, don son kyautatawa, yana iya cewa garin albasa na sauke hawan jini, kuma da zarar mai kaya ya saka wannan a shafinsa, maganar ta zama tasa, alhali abinci yake sayarwa, ba shi da hujjar likita. Ta biyu, kada a ambaci sunan kayan wani ko a nuna ledarsa don kushewa. Kwatantawa da ɗanyar albasa babu laifi, kwatantawa da garin wance ta Wadata kuwa neman rigima ne.

Mataki na shida: kuɗi, izini da bayyana cewa an biya

A faɗi ladan da lamba, da ranar biya, da hanyar biya. Hajiyar ta ba kowa leda biyu kyauta, da jika ɗaya ta sayen mega tun kafin ɗauka, da jika biyar bayan bidiyon ya iso, ta NITA ko Airtel Money cikin kwana uku. Kuɗin mega ba ƙaramin abu ba ne, domin bidiyon minti ɗaya mai kyan hoto yana iya wuce mega 100, kuma ba adalci ba ne mutum ya ci bashin kiredi don ya yi maka aiki. A kuma bayyana dalilan da za su sa a nemi sake ɗauka, su kasance na fasaha kaɗai: ba a jin murya, hoto ya yi duhu, ko an kwantar da waya. Sake ɗauka sau ɗaya ne, kuma ra'ayin da aka faɗa ba ya cikin dalilan.

Izini shi ne abin da aka fi sakaci da shi. Fuskar mutum da muryarsa bayanansa ne na kansa, kuma Nijar na da dokar kare irin waɗannan bayanai tun 2017, wadda aka sabunta a 2022, da hukumar HAPDP da ke kula da ita. Ko ba don doka ba, matar da ta ɗauka bidiyonta zai tsaya a Status na kwana ɗaya, sai ta gan shi ana tallata shi da kuɗi a Facebook har dangin mijinta na Ƙonni sun gani, tana da gaskiya idan ta yi fushi. Takardar ta ambaci wuraren da za a saka da sunansu, ta faɗi ko za a biya kuɗi a yaɗa shi, da tsawon lokaci, misali wata shida, da yadda mutum zai nemi a cire. Ta kuma yi alkawarin cewa za a iya gajarta bidiyon amma ba za a yanke shi ta yadda ma'anar maganar za ta juya ba. Kada yara su fito sai da yardar iyayensu, kuma kada a ɗauki maƙwabciyar da ta shigo aron wuta ba da saninta ba. Amsar yarda a karɓe ta a rubuce ko da saƙon murya, a adana ta tare da bidiyon.

Sannan mai kallo ya san cewa an ba da kayan kyauta kuma an biya lada. Hanya mafi sauƙi ita ce mai ɗauka ya faɗa da bakinsa a farkon bidiyon. Idan kuma zai saka a shafinsa na kansa, Facebook da Instagram da TikTok duk suna da alamar da ake kunnawa don wannan, wadda a wayar da ke kan Faransanci ake ganinta da sunan «Partenariat rémunéré». Wasu masu kaya na ganin wannan zai rage wa bidiyon ƙarfi. Ni dai abin da na gani shi ne mutane dama suna zargin an biya, kuma wanda ya faɗa da kansa an fi saurarensa.

Takardar kamar yadda muka tura ta

«Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kuna lafiya da iyali. Muna neman alfarma ku ɗaukar mana gajeren bidiyo da wayarku, wanda zai nuna yadda kuke amfani da garin albasarmu a girkinku na yau da kullum. Za mu aiko muku da leda biyu da jika ɗaya ta mega. Ku yi amfani da garin na kwana 10 tukuna.

Ku fara da faɗin cewa mun ba ku garin kyauta kuma za mu biya ku ladan ɗauka. Sannan ku nuna ledar, ku nuna lokacin da kuke zuba garin a tukunya, ku amsa waɗannan da kalmominku: Wane girki kuka yi, na mutum nawa? Cokali nawa kuka zuba? Yaya ya fito idan aka kwatanta da ɗanyar albasa? Me ba ku so ba, ko me kuke so mu gyara?

Ladan jika biyar ne, kuma na ɗaukar bidiyon ne. Za mu biya shi cikin kwana uku da isowarsa, ko da kun ce garin bai yi muku ba.

Ku riƙe waya a tsaye, daƙiƙa 30 zuwa 60, da hantsi ko bayan la'asar, kuna fuskantar haske. Ban da waƙa, ban da filta mai canza launin hoto. Nuna fuska ba dole ba ne. Da Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci, duk wanda ya fi muku daɗi. Don Allah kada ku ce yana maganin cuta, kada ku ambaci kayan wani, kada yara ko baƙi su fito.

Ku turo ta WhatsApp a matsayin Document kafin daren Juma'a ta sama. Za mu saka shi a shafinmu na Facebook da TikTok da Status na tsawon wata shida, har da talla ta kuɗi a Tawa da Yamai. Za mu iya gajarta shi ba tare da canza maganarku ba, kuma duk ranar da kuka ce a cire za mu cire daga shafukanmu cikin kwana biyu. Idan kun amince, ku amsa mana da ‹na yarda›. Mun gode, Allah ya bar zumunci.»

Ga mai shayin da ɗalibar mun canza gaisuwar kawai, Malam da Malama, sauran duk ɗaya ne. A ainihin takardar an rubuta kwanan wata da lamba, domin «Juma'a ta sama» kowa da yadda yake ƙirga ta. Batun Document kuwa, dalilinsa shi ne idan aka tura bidiyo ta hanyar da aka saba, WhatsApp yana matse shi ya rage masa kyau, kuma idan aka sake ɗora shi a wani dandali sai ya ƙara dushewa. Idan aka danna alamar maƙala aka zaɓi Document, yana isowa yadda aka ɗauke shi.

Mataki na bakwai: karanta ta da murya, sannan gwaji

Da yawa daga masu sayen irin waɗannan kaya ba su saba karanta Hausar boko ba, ko da sun yi makaranta da Faransanci. Saboda haka mai kaya ya karanta takardar da muryarsa, ya tura saƙon muryar tare da rubutun, kuma idan karatun ya wuce minti biyu to takardar ta yi tsawo, sai a rage. Yana da kyau a haɗa da ɗan bidiyo na daƙiƙa 10 da ke nuna riƙon waya da yadda ake zaɓen Document, amma kada a tura cikakken samfurin bidiyo mai magana. Mun yi wannan kuskure da mutum biyun farko da muka gwada takardar a kansu, sai duka biyun suka kwaikwayi samfurin har da inda aka ɗaga murya. Amfanin gwaji ke nan: a tura wa mutum biyu kafin sauran, a ga inda suka yi tambaya ko suka kauce, a gyara wurin.

Abin da ya dawo, da yadda ake tantance shi

Cikin mutum 10 da suka rage bayan gwajin, bakwai ne suka turo. An nemi biyu su sake ɗauka, ɗaya saboda ƙarar fanka, ɗaya saboda ta ba taga baya. Mai tuwon sayarwa guda ta ce ga babbar tukunyarta ɗanyar albasa ta fi mata araha lokacin kaka, ba za ta koma kan garin ba sai albasa ta yi tsada. An biya ta jika biyar ɗinta a ranar da aka biya sauran. Hajiyar ta so ta ajiye wannan bidiyo, kuma tana da ikon zaɓen wanda za ta saka, amma abin da ba ta da ikon yi shi ne ta yanke rabin maganar ta bar wurin da matar ta ce ƙamshin ya yi. A ƙarshe ta saka shi ɗungurungum, tunda ita ma ta san cewa kasuwar garin tana tashi ne a watannin da albasa ke tsada.

Mata uku, ba tare da sun san juna ba, sun ce garin ya fara dunƙulewa bayan mako guda, domin a watan Agusta aka yi aikin, iska na ɗauke da laima, zif ɗin kuma ba ya rufewa sosai idan gari ya shiga bakinsa. Ɗaya daga cikinsu ta nuna yadda ta juye nata cikin kwalba mai murfi. Hajiyar ta ƙara wannan shawara a jikin ledar, ta kuma fara neman kwalbar roba don zubin damina.

Wajen tantancewa, a saurari bidiyon duka a jere a zama ɗaya. Idan ana jin lambobi da sunayen girki da suka bambanta daga gida zuwa gida, tambayoyin sun yi aiki. Idan kuwa kowa na cewa «gaskiya ya yi kyau sosai» ba tare da ambaton cokali ko tukunya ba, ko kuma babu ko mutum ɗaya da ya amsa tambaya ta huɗu, to masu ɗauka ba su yarda cewa za a biya su in sun kushe ba. A irin wannan hali sai a matsar da jimlar ladan zuwa saman takardar, kafin tambayoyin, a kuma biya rabin kuɗin tare da ledojin tun kafin a ɗauki komai.